Ma'auni yana hawa, amma kamfani nawa ne ke hawa tare da shi?

Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son waɗanda suka san harkar giraf su warware mana wata magana. Ana cewa ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka na S&P 500 zai iya kafa sabon tarihi a sama alhali yawancin kamfanonin da ke cikinsa suna sauka. Idan kamfani 500 ne a ciki, ta yaya 'yan ƙalilan za su ɗaga shi? Kuma idan gaskiya ne, me ake buɗewa a giraf a gani?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, kuma dalilin yana cikin yadda ake lissafa ma'aunin. Ba a ba kowane kamfani ƙuri'a ɗaya ba. Nauyin kowanne gwargwadon darajar hannun jarinsa ne da ke yawo a kasuwa, don haka wanda ya ninka wani sau ɗari a girma, motsinsa ma ya ninka sau ɗari a cikin ma'auni.

Bari mu lissafa da misali, adadin na ƙirƙire shi ne don a gane. A ce kamfani 7 suna riƙe da kashi 30 cikin 100 na nauyi, sauran 493 suna raba kashi 70. A wata ɗaya manyan bakwai suka tashi da kashi 10, sauran kowanne ya faɗi da kashi 2. Gudummawar manyan ita ce 0.30 sau 10, wato 3. Ta sauran ita ce 0.70 sau 2, wato 1.4 a ƙasa. Ka cire 1.4 daga 3, ma'auni ya tashi da kashi 1.6. Mai kallon layin ma'auni kawai zai ce wata ya yi kyau. Yanzu ka ba kowane kamfani nauyi iri ɗaya: bakwai sau 10 ya ba da 70, 493 sau 2 ya ba da 986 a ƙasa, ka raba bambancin da 500, za ka sami faɗuwar kusan kashi 1.8. Wata guda ne, kamfanoni ɗaya ne, amma wani lissafin ya ce an ci riba, wani ya ce an faɗi. Abin da ake kira faɗin kasuwa ke nan, ƙidaya kamfani nawa ne suke tafiya tare da ma'auni, ba nawa ma'aunin ya tafi ba.

Nura: Malam, ai wannan sandunan da ke ƙasan giraf suna nuna shi. Idan sandunan ciniki sun gajarce alhali farashi na hawa, an san babu ƙarfi.

Malam Sani: A'a Nura, wannan yawan ciniki ne, hannun jari nawa suka canza hannu. Bai gaya maka a kamfani nawa aka yi cinikin ba. Ciniki zai iya cika maƙil a rana, amma rabinsa a kamfani goma. Tambayar Habibu ƙidayar kawuna ce.

Garba: Abu mafi sauƙi Habibu, ka buɗe layin hawa da sauka na NYSE, kasuwar hannun jari ta New York. A shafin giraf na StockCharts ka rubuta `$NYAD` ka sa shi ya zama tarawa, wato `Cumulative`. Idan ma'auni ya yi sabon ƙololuwa layin bai yi ba, ka fita kawai. A 1998 layin ya kai ƙarshensa a watan Afrilu, kasuwa ta rushe a 2000. A 2007 ya tsaya tun tsakiyar shekara, S&P ya kai ƙololuwarsa a Oktoba, kowa ya san abin da ya biyo baya. Wannan alama ba ta ƙarya.

Hajiya Binta: Garba, shekarun da ka kawo daidai ne, hukuncin da ka ɗora a kansu ne nake da ja. Amma kafin nan a bari Habibu ya ga yadda ake haɗa layin, don wanda bai san yadda aka yi shi ba ba zai san inda yake yaudara ba. Kowace rana ana ƙidaya waɗanda suka rufe sama da jiya, a cire waɗanda suka rufe ƙasa, a ƙara abin da ya rage a kan jimillar jiya. A ce cikin 500, Litinin 320 sun hau 180 sun sauka, ka sami 140. Talata 230 da 270, an rage 40, saura 100. Laraba 210 da 290, an rage 80, saura 20. Alhamis 240 da 260, layi ya koma sifili. Juma'a 200 da 300, ya shiga 100 a ƙasa. Idan a wannan makon ma'auni ya rufe sama da inda ya fara, to ranaku huɗu cikin biyar masu sauka sun fi yawa, wasu manya ne suka riƙe shi. A Excel, idan masu hawa suna `B`, masu sauka suna `C`, layin yana `D`:

```
D3: =D2+(B3-C3)
```

Adadin kansa ba shi da ma'ana, domin ya danganta da ranar da ka fara tarawa. Siffar layin ake kallo, ko ya wuce tudunsa na baya ko bai wuce ba.

Malam Sani: Na gode Hajiya. Garba, mu duba 1998 ɗin da kyau. Layin ya tsaya a Afrilu 1998, lokacin S&P yana wajen 1,100. Ƙololuwarsa ta zo a 24 ga Maris 2000, ya rufe a 1,527. Kusan shekara biyu ke nan, kuma ma'aunin ya ƙara sama da kashi ɗaya cikin uku a tsakani. Wanda ya sayar ranar da ya ga saɓanin layin da ma'auni ya zauna a gefe duk wannan lokacin.

Garba: Amma Malam ka tsallake bazarar 1998. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta ma'aunin ya zube da kusan kashi 19. Wanda ya fita a Afrilu ya tsira daga wannan.

Malam Sani: Haka ne, na yarda da wannan. Sai dai tambayar da ke biye ita ce yaushe zai koma. Bayan faɗuwar Agusta ma'auni ya farfaɗo ya wuce inda yake kafin shekarar ta ƙare, layin hawa da sauka kuwa bai koma tudunsa na Afrilu ba. Idan ƙa'idarsa ita ce sai layi ya tabbatar, to bai koma ba duk 1999. Abin da nake so a riƙe shi ne, saɓanin yana gaya maka halin da kasuwa take ciki, ba ya gaya maka ranar da za ta juya. A 2007 tazarar 'yan watanni ce, a 1998 kusan wata 23. Alamar da tazararta take tsakanin wannan da wancan ba a sa ta ta zama agogo.

Kuma akwai lokacin da saɓanin yake warwarewa ta sama. 2023 ce misali mafi kusa. Apple, Microsoft, Alphabet, Amazon, Nvidia, Meta da Tesla su ne suka ɗauki mafi yawan ribar ma'aunin a shekarar. A 27 ga Oktoba S&P ya rufe a 4,117, har a lokacin yana sama da farkon shekara da kusan kashi 7, shi kuwa ma'aunin da ke ba kowa nauyi ɗaya yana ƙasa da inda ya fara shekarar. A takarda, wannan shi ne raunin da ake tsoro. Sai Nuwamba da Disamba suka zo, sauran kamfanonin suka taso da ƙarfi. Aka rufe shekara S&P ya ƙaru da kusan kashi 24, mai nauyi ɗaya da kusan rabin haka. Manyan ba su faɗo sun tarar da ƙananan ba, ƙananan ne suka bi su sama.

Habibu: To Malam, idan haka ne ina amfaninsa? Yana iya ƙarewa sama, yana iya ƙarewa ƙasa.

Malam Sani: Amfaninsa yana cikin raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai kasuwar da sauran kamfanoni suke hawa amma manya sun fi su gudu. Akwai kuma kasuwar da sauran suke sauka da gaske, manya na rufe su. Na farkon jagoranci ne ya taƙaita, na biyun shi ne rauni a ɓoye. Kuma giraf ɗin da aka fi yaɗawa ba ya raba su.

Giraf ɗin shi ne rabon `RSP/SPY`. `RSP` asusun da ke bin S&P mai nauyi ɗaya ne, kowane kamfani kusan kashi 0.2, ana daidaita shi sau huɗu a shekara. `SPY` yana bin S&P na asali. A shafin giraf na TradingView ka rubuta `RSP/SPY`, a StockCharts `RSP:SPY`. Idan layin yana gangarawa, manya sun fi matsakaicin kamfani. Iyakar abin da ya ce ke nan. A ce `SPY` ya hau da kashi 20, `RSP` da kashi 10. Rabon zai zama 1.10 a raba da 1.20, ya faɗi da kusan kashi 8, alhali matsakaicin kamfani ya ci riba mai kyau. Mutum zai ɗauki hoton layin yana zubewa ya ce kasuwa ta ruɓe a ciki, kuma ba haka ba ne. 2024 kusan haka ta kasance, S&P ya hau da kusan kashi 23, mai nauyi ɗaya ya hau da ƙasa da haka sosai, amma ya hau.

Don haka bayan rabon, ka buɗe `RSP` shi kaɗai a giraf na mako-mako. Shin yana yin tudu sama da tudu? Shin yana sama da matsakaicin farashinsa na kwana 200 da suka wuce? Idan eh, an bar shi a baya ne kawai. Idan kuwa `SPY` na kafa tarihi shi kuma yana yin tudu ƙasa da na baya, yana karya ƙasan da ya gabata, to nan ne maganar Garba take da nauyi.

A'isha: Ni kalmar ɓoyewa ce ban gamsu da ita ba. Ma'aunin bai ɓoye komai ba, abin da aka gina shi ya auna yake aunawa, wato darajar kuɗin da ke kasuwa. Idan kamfani goma suna riƙe da sama da kashi 30, kamar yadda aka gani a 2024, a nan kuɗin yake. Wanda ya sayi asusun S&P ribarsa ta gaske ce, ko da kamfani na 480 ya faɗi. Kuma waɗannan manyan suna kawo riba mai yawa a kasuwancinsu, ba iska ce ta ɗaga su ba.

Hajiya Binta: Rabin maganarki na karɓa, ƙanwata. Ribar mai asusun ta gaske ce. Amma lissafin Malam Sani yana aiki ta baya ma. Bakwai masu kashi 30 su faɗi da kashi 20, sun cire wa ma'auni kashi 6 su kaɗai. Don a cike wannan gibin sai sauran kashi 70 sun hau da kusan kashi 8.6, kuma idan dama suna sauka, babu mai tarewa. Ga shi yawancin manyan nan abu ɗaya ke motsa su, fasaha da kuɗin ruwa da zuba jari a ƙirƙirarriyar basira, don haka sukan faɗi tare. Mai asusun yana ganin ya raba jarinsa gida 500, amma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa yana hannun 'yan kaɗan. Ko masu ma'aunin Nasdaq-100 sai da suka yi gyaran nauyi na musamman a Yuli 2023 don rage ƙarfin manyan. A 2022 an ga yadda abin yake idan ya juya, manyan fasaha suka fi faɗuwa, S&P ya sauka da kusan kashi 19, mai nauyi ɗaya bai kai haka ba.

A'isha: Wannan haɗarin taruwar nauyi ne Hajiya, na yarda akwai shi. Amma ba daidai yake da a ce ƙananan sun san wani abu da manyan ba su sani ba.

Malam Sani: Akwai dalilin da ya sa ƙanana da matsakaita sukan fara gajiya. Sun fi dogara da bashin banki, sau da yawa mai kuɗin ruwa da ke canzawa, don haka idan kuɗi ya fara tsada su ke fara ji. Kuma manyan masu zuba jari idan suka fara tsoro ba sa fita gaba ɗaya, sai su sayar da abin da zai yi wuyar sayarwa daga baya, su tattara a manyan da ake ciniki a kansu kowane daƙiƙa. Wannan da kansa yana ɗaga manya yana danne sauran. A 2021 Russell 2000 na ƙananan kamfanoni ya kai ƙololuwarsa a Nuwamba, S&P bai kai tasa ba sai 3 ga Janairu 2022. Amma ban ce kullum haka dalilin yake ba. Wani lokacin bambancin riba ne kawai, kamar yadda kika ce.

Habibu: Na ga wasu suna sa giraf na kason kamfanonin da ke sama da matsakaicin kwana 50. Shi fa?

Hajiya Binta: Yana da kyau, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fassara. A TradingView `S5FI` ne na kwana 50, `S5TH` na kwana 200. A StockCharts `$SPXA50R` da `$SPXA200R`. Matsalar na 50 ita ce matsakaicin yana bin farashi a baya har ya kamo shi. Ɗauki hannun jarin da ya tashi daga dala 80 zuwa 100, ya tsaya a wajen 100 na kwana 50 na ciniki, kusan mako goma. A farko matsakaicinsa yana can ƙasa, an ƙidaya shi cikin masu ƙarfi. Kullum ana cire tsohuwar rana mai ƙaramin farashi ana saka sabuwa mai 100, har matsakaicin ya iso 100. Ranar da ya rufe a 99.50 sai a mayar da shi cikin masu rauni, alhali rabin dala kawai ya rasa. Idan kamfanoni da yawa suka huta lokaci ɗaya bayan gudu, kason zai iya saukowa daga 80 zuwa 50 ba tare da wata ɓarna ba.

Shi ya sa ban yanke hukunci da na 50. Na 200 nake bi, kuma ba adadi ɗaya ba, jerin tuddai. Ma'auni ya yi tudu na farko kason yana 75, na biyu mafi tsayi yana 65, na uku yana 55, to kowane sabon tarihi mutane ƙalilan ne ke zuwa bikin. Idan ya shiga ƙasa da 50 alhali ma'auni yana dab da ƙololuwa, fiye da rabin kamfanonin sun bar hanyar hawa ta dogon zango. Sai na haɗa da waɗanda suka yi sabon ƙasa na mako 52. Wannan ya fi wuyar ruɗi, domin kamfanin da ke hutawa ba ya yin sabon ƙasa na shekara. Masu sabon sama su ragu, wannan jinkiri ne. Masu sabon ƙasa su riƙa ƙaruwa mako bayan mako ma'auni na sama, wannan sayarwa ce ta gaske.

Garba: To ai abin da na faɗa ke nan, kun ƙara masa giraf uku ne kawai.

Hajiya Binta: Ba ɗaya ba ne, kuma `$NYAD` ɗin da ka dogara a kansa yana da nasa lahani. Jerin NYSE ba kamfanoni zalla ba ne. Akwai asusun takardun bashi da hannayen jari masu fifiko da ake biya wa ƙayyadadden rabo, waɗanda kuɗin ruwa ke juyawa ba cinikin kamfani ba. Idan kuɗin ruwa ya tashi za su sauka tare su ja layin, idan ya sauka su ƙawata shi. Gara ka nemi wanda aka ƙidaya da hannun jari na gama-gari kawai, ko na kamfanonin S&P 500 kansu, tunda da shi kake kwatantawa. Layin Nasdaq kuwa yana da halin gangarawa na shekaru, saboda ƙananan kamfanoni da yawa suna shiga, su yi ta sauka har a cire su, kuma abin da suka rage wa layin yana nan a ciki. Ka ɗora shi a kan Nasdaq-100 za ka ga saɓani kusan kowane lokaci. Sannan layin bai san girman motsi ba, wanda ya hau da senti ɗaya da wanda ya faɗi da kashi 10 suna soke juna.

Ga masu son gwada tarihi da kansu a Excel, kada ku ɗauki jerin kamfanonin yau ku lissafa shekara 15 baya. Waɗanda suka durƙushe an cire su, waɗanda suka yi nasara an shigo da su, faɗin baya zai fito da kyau fiye da yadda ya kasance.

Nura: Ma'aunin Dow Jones ma haka yake?

Malam Sani: Shi kamfani 30 ne, kuma farashin hannun jari ɗaya ne nauyinsa, ba girman kamfani ba. Mai dala 400 ya ninka mai dala 40 sau goma ko da na biyun ya fi shi girma. Matsalar 'yan kaɗan su ja ma'auni tana nan, amma ta wata hanya dabam.

Habibu: Idan an ga raunin na gaske, me mutum zai yi tunda ba a fita da shi ba?

Malam Sani: A nawa ganin, faɗi yana canza girman abin da ka saka da irin haƙurin da za ka yi, farashi kuma shi ke ba da umarnin fita. Idan `RSP` yana yin tudu ƙasa, kason na kwana 200 yana ƙasa da 50, masu sabon ƙasa suna ƙaruwa, ba lokacin cin bashi a saya ba ne, kuma ba lokacin sayen ƙaramin kamfani don ya ɓalle sama ba ne, irin wannan ɓallewar ta fi yawan komawa a kasuwa mai ƙunci. Sai a sa ido a kan manyan kansu, domin su kaɗai suka rage a tsaye. Ranar da biyu ko uku cikinsu suka karya matsakaicin kwana 200, ma'auni kuma ya karya ƙasansa na baya, an tabbatar.

Ta ɗaya gefen, faɗi ya fi iya magana a ƙasa fiye da a sama. Ƙololuwa a hankali take ginuwa, kamfani bayan kamfani, amma tashi daga ƙasa tare ake yin sa. Martin Zweig, wani manazarcin kasuwa, yana da awo a kan wannan: ka raba masu hawa da jimillar masu hawa da masu sauka, ka ɗauki matsakaicin kwana 10, idan ya tashi daga ƙasa da 0.40 zuwa sama da 0.615 cikin kwana 10 na ciniki, saye ya game kasuwa. Ya bayyana a farkon Nuwamba 2023. Sai dai ba ya yawan faruwa, misalansa kaɗan ne, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Garba: Jiran farashi ya tabbatar yana nufin ka riga ka rasa kashi 8 ko 10 daga sama. Ni na fi son in rage rabi tun a saɓanin, in rasa ɗan riba.

Malam Sani: Wannan zaɓi ne da za a iya karewa, matuƙar ka rubuta ƙa'idar komawa tun kafin ka rage. Me zai dawo da kai, layin ya wuce tudunsa, ko kason na 200 ya koma sama da 60? Idan babu amsa, 1999 za ta maimaita kanta a kanka.

A'isha: Akwai abin da har yanzu ban ji an amsa ba. Duk misalan nan na 1998 da 2007 sun zo ne kafin asusun bin ma'auni su yi girman da suke da shi yanzu. Kowane wata kuɗin fansho na shiga, ana raba shi gwargwadon nauyi, mafi girma ya fi samu. Shin hakan bai sa ƙuncin ya daɗe fiye da da ba, har tsofaffin adadin su daina aiki?

Hajiya Binta: Asusun yana sayen kaso iri ɗaya na kowane kamfani, don haka a lissafi bai kamata ya canza nauyin wani a kan wani ba. Masu ja suna cewa ba duk hannun jari ne ake samun mai sayarwa da sauƙi iri ɗaya ba, saboda haka tasirin ba zai zo daidai ba. Na karkata ga na farko.

A'isha: Ni kuma na biyun ya fi kama hankalina. Malam Sani, idan kana da giraf na `S5TH` daga 2015 zuwa yau tare da S&P a sama, ka ɗora mana mu ƙidaya sau nawa ya shiga ƙasa da 50 ma'auni yana kusa da ƙololuwa, da abin da ya biyo baya bayan wata shida.

Malam Sani: Zan haɗa shi da daddare in sha Allah, na mako-mako, in sa `RSP` a tsakiya.